Datar da ba ta ƙarewa, amma tana da burki

A ɗauki misalin wani matashi mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari da ke Kano. Rabin cinikinsa a WhatsApp yake yi: ya ɗauki bidiyon kaya, ya tura wa kwastomomi a Zariya da Maraɗi, su zaɓa su turo kuɗi. Da ya gaji da sayen data kowane mako, sai ya sayi rauta ya biya tsarin wata guda mara iyaka, ya kuma ba yaran shago lambar sirri.

Kwana 20 komai na tafiya sumul. Washegari wani Alhaji ya nemi ganin sabon leshi, bidiyon ya tsaya yana ta juyawa har mutumin ya gaji ya saya a wani wuri. Ga sabis cike, ga saƙon rubutu yana wucewa, amma bidiyo ya ƙi.

Maƙwabcinsa mai gyaran waya ne ya buɗe masa shafin sharuɗɗa, ya nuna masa haruffa uku, FUP, wato ƙa'idar amfani daidai wa daida. A tsarin da ya saya, gigabait 100 na farko ne kawai ke zuwa da cikakken gudu. Bayan su ba a yanke layi, sai dai a rage gudun zuwa kilobit 512 a daƙiƙa har wata ya cika. Kowane tsari da nasa adadin, wasu ma kullum ake ƙidaya musu.

Lissafin ba wuya. Wayoyi biyar suna kan rautar, kowace na cin gigabait ɗaya a rana wajen kallon ƙwallo da TikTok, ka ga gigabait 100 sun tafi a kwana 20. Bidiyo mai megabait 50 da yake turawa cikin daƙiƙa 40 a gudun megabit 10, yanzu sai ya ci minti 13.

Dalilin kamfanoni shi ne, turken sadarwa ɗaya ne ke ɗauke da jama'ar unguwa, ƙarfinsa kuma raba shi ake yi. Idan mutum ƙalilan suka mamaye, sauran ne za su sha wuya.

Ana iya bambance wannan da cunkoso. Cunkoso yakan tsananta da yamma ya sassauta da asuba, shi kuwa ragin gudu dare da rana ne. A Najeriya, danna *323# yana nuna datar da ta rage a layi. Wanda ya kai ƙorafi ga kamfani bai gamsu ba, yana iya kiran hukumar NCC a 622 kyauta.

Matashin dai ya canza lambar sirrin, ya hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa, ya kuma ƙayyade wa shagon gigabait uku a rana, wato 90 a wata.