Yadda ake tsara umarnin hoton haja: daga kwalbar turare zuwa sharuɗɗa

Mai sayar da turare da ya buɗe Midjourney ya rubuta mata kalmomi biyu kacal, wato kwalbar turare da Turanci, zai samu hoto cikin ɗan lokaci, kuma hoton zai yi kyau. Sai dai kwalbar ba irin tasa ba ce. Wataƙila dogon wuya gare ta, an zagaye ta da furanni, an liƙa mata takarda mai haruffan da ba sa karantuwa. Duk abin da bai faɗa ba, manhajar ta cike shi da abin da ta fi saba gani.

Dalilin yana cikin yadda aka gina waɗannan manhajoji. DALL-E 2 da Midjourney da Stable Diffusion duk a 2022 suka shiga hannun jama'a, kuma an horar da su ne da tarin hotuna, kowanne da bayaninsa a rubuce. Rumbun LAION-5B, wanda Stable Diffusion ta koya daga wani ɓangarensa, yana da hotuna sama da biliyan 5, kuma fiye da biliyan 2 bayaninsu da Turanci yake. Shi ya sa har yanzu umarnin Turanci ya fi cin nasara, shi ya sa kuma misalan da ke ƙasa suka zo da shi.

Masu wannan sana'a suna bin jeri mai matakai bakwai: hajar kanta, abin da aka yi ta da shi, wurin da take, haske, kyamara, salo, sai sharuɗɗa. Jerin ba doka ba ne, amma yana da hujja. Kalmomin farko sukan fi nauyi a idon manhaja, kuma nau'o'in Stable Diffusion na farko gutsuren kalmomi 77 kawai suke karantawa a lokaci guda. Wanda ya cika farkon umarninsa da yabon kyau, ya bar hajar a ƙarshe, ya sa abin da ya fi muhimmanci a inda ba a cika kula da shi ba.

Ga yadda mai turaren zai fara, da haja da kuma jikinta:

```
one short square 50ml perfume bottle,
thick clear amber glass, brushed brass cap
```

Ya faɗi cewa kwalba ɗaya ce, gajera, mai kusurwa huɗu, mai cin mililita 50. Sannan ya faɗi gilashi mai kauri, ruwan zuma, wanda ake hango abin da ke ciki, da murfin tagulla marar ƙyalli sosai. Wannan layi na biyu shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ke raba hoton da mai saye zai yarda da shi da wanda zai ga kamar roba. Gilashi mai haske da gilashi mai dishi-dishi ba sa karɓar fitila iri ɗaya. Haka fata: mai jakar da aka ɗinka da jan fatar akuyar Sakkwato, idan ya rubuta fata kawai, zai samu wata aba sumul mai sheƙi irin ta kanti. Sai ya ambaci fatar akuya ce, jemammiya, mai ƙananan ƙwayoyi a jiki, da ɗinkin hannu a gefe, kafin hoton ya kusanci abin da ke shagonsa. Akwai kuma wata matsala da ake yawan gani, ta launi ya tsallaka daga wani sashe zuwa wani, har murfi ya koma ruwan zuma ko gilashi ya koma tagulla. Maganinta shi ne a ajiye kowace siffa daf da sunan abin da take siffantawa.

Wuri ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da kwalbar ke zaune a kai, da abin da ke bayanta, sun isa. Kowane ƙarin kaya da aka jera, fure ko kyandir ko kasko, yana jan ido daga hajar, kuma manhajar na iya narkar da shi cikin jikin kwalbar.

A wajen haske ne ake gane wanda ya san aikin. Cewa a yi haske mai kyau ba ta gaya wa manhaja komai ba. Abin da take ji shi ne daga ina hasken ya fito, mai taushi ne ko mai kaifi. Masu ɗaukar hoton kwalabe sun daɗe da sanin cewa idan fitila ta bugi gilashi daga gaba, sai ta bar farin tabo a tsakiya ta kashe launin ruwan. Sukan sa hasken a baya domin ya ratsa turaren, sannan su ƙara wata fitila mai faɗi a gefe wadda za ta zana dogon farin layi a kafaɗar kwalbar. Wannan ilimin ne ake zubawa a umarnin. Alamar cewa an samu kuskure a bayyane take: inuwa ta faɗi hagu alhali hasken ma daga hagu yake, ko kuma babu inuwa sam, kwalbar na shawagi kamar ba a ajiye ta a kan komai ba.

```
on a dark walnut table, plain beige wall behind,
soft backlight through the liquid,
large softbox from the left, soft shadow to the right,
eye level, 100mm lens, f/8,
realistic commercial product photo
```

Babu kyamara ta gaske a cikin manhajar, lambobin nuni ne kawai ga irin hoton da ake so. Gilashin kyamara na 100mm yana barin gefunan kwalba a miƙe, yayin da na 24mm, idan aka matso kusa, yake kumbura gabanta. Lambar f/8 kuwa tana nufin kwalbar ta fito tar daga murfi zuwa gindi. A f/1.8 sashe kaɗan ne zai fito, sauran ya dushe. Salo kuma guda ɗaya ya isa. Haɗa hoton talla da zanen fenti da kamannin fim a layi ɗaya yana ba da abin da bai zama ko ɗaya ba.

Sharuɗɗa suna zuwa ƙarshe, kuma suna da tarko. Idan aka rubuta cikin jimla cewa ba a son furanni, manhajoji da yawa sukan kama kalmar furanni su watsar da hanin, sai ga furannin sun cika hoton. Domin haka Stable Diffusion tana da gurbi na musamman da ake kira `negative prompt`, Midjourney kuma tana da nata alamomin da ake sawa a ƙarshen layi:

```
--no text, flowers, hands --ar 4:5
```

Na farko ya hana rubutu da furanni da hannaye, na biyu ya yanka hoton a tsaye daidai da shafin Instagram. Hana rubutu dabara ce mai kyau ko da sababbin manhajoji sun fara iya haruffa, domin sunan shago da lambar waya sun fi aminci idan aka ɗora su daga baya da manhajar gyaran hoto.

Babban amfanin jerin yana bayyana ne lokacin gyara. Idan hoton ya yi duhu, layin haske kaɗai za a taɓa, a bar sauran yadda suke. A Midjourney, riƙe lambar `--seed` guda yana rage sauye-sauyen da ba a nema ba, sai a ga ainihin abin da gyaran ya haifar. Wanda ya canza abu uku a lokaci guda ba zai san wanne ya yi aiki ba.

Duk da haka, umarni komai tsaruwarsa kwalba mai kama da ta mai turaren yake haifarwa, ba ita kanta ba. Ya dace da gwada tsarin talla ko zaɓen bango da haske. Amma hoton da za a tura wa mai saye a WhatsApp da sunan ga kayan nan, dole ya fito daga hajar gaske: a ɗauke ta da waya kusa da taga, a ɗora hoton a manhajar, a nemi ta sauya wuri kawai, sannan a duba murfi da launi da girma ko suna nan yadda suke. Idan ɗaya ya canza, hoton bai cancanci a sayar da kaya da shi ba.