Wasiƙar da ke tsare injinan tirela daga gurɓataccen gas

Manajan da ke riƙe da tireloli masu jigilar kaya tsakanin Kano da Legas ba ya amincewa da tankar gas da fatar baki. Kafin ya biya kuɗi, wasiƙa yake rubuta wa dillalin mai.

Abu na farko da yake nema a ciki shi ne takardar shaidar inganci daga defo inda aka yi lodi, wadda ke nuna sakamakon gwajin wannan kason man, ba na watan jiya ba. Lambar da ke jikinta dole ta dace da ta takardar rakiyar kaya. Awo biyu ne suka fi damunsa. Nauyin lita ɗaya ta gas mai kyau yakan kai gram 820 zuwa 860, don haka idan ya faɗo ƙasa, akwai alamar an sirka da kananzir. Sai kuma ruwa, wanda ke kwanciya a gindin tanki ya lalata famfon mai da nozul, gyaran da ke cin kuɗi ba kaɗan ba. Yakan kuma nemi kwafin lasisin dillalin daga hukumar NMDPRA.

Batun isar da kaya shi ne ya fi jawo rigima, shi ya sa ake fayyace shi dalla-dalla. A ce lita 33,000 aka saya. Wasiƙar za ta ce tanka ta iso da rana, hatiminta a rufe, a zura sandar awo cikin kowane ɓangare a gaban direba, a ɗebi samfuri kwalba biyu a rufe, kowa ya ajiye ɗaya. Idan lita 300 ta yi giɓi, wa zai ɗauki asarar? A ganina wannan layin ya fi farashi muhimmanci, domin da zarar mai ya shiga tankinka, dillali zai ce daga wajenka matsalar ta taso.