Bayan An Rufe Littafin Shekara: A Gyara Lissafi Ko A Bar Shi?

Kamfanoni da yawa suna rufe lissafinsu ranar 31 ga Disamba, amma daraktoci ba sa amincewa da rahoton kuɗi sai wajen Maris. A tsakanin nan abubuwa kan faru. Ƙa'idar lissafi ta duniya mai suna IAS 10, wadda kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya suke bi tun 2012, ta raba su gida biyu da tambaya ɗaya: matsalar tana nan tun ranar rufe littafi, ko daga baya ta kunno kai?

A ce wani kamfanin shinkafa ya rufe shekara da ribar naira miliyan 50, kuma yana bin wani dila miliyan 20. A watan Fabrairu sai aka tabbatar dilan ya karye, miliyan 5 kawai za a iya karɓowa. Yawanci ɗan kasuwa ba ya karyewa dare ɗaya. Tun Disamba jarinsa ya riga ya zurare, labarin ne ya makara. Don haka dole a gyara lissafi: bashin ya sauka zuwa miliyan 5, a rubuta asarar miliyan 15, ribar kafin haraji ta koma miliyan 35. Haka ake yi idan kotu ta yanke wa kamfani diyya a kan laifin da ya aikata kafin ƙarshen shekara.

To, a ce a watan nan dai gobara ta cinye shinkafar miliyan 30 a siton kamfanin. Asarar ta ninka ta farko, amma ba za a taɓa alƙaluman bara ba, domin ranar 31 ga Disamba buhunan suna nan lafiya lau. Asarar ta sabuwar shekara ce. Sai dai tunda tana da girma, wajibi ne a rubuta a bayanan da ke ƙarshen rahoto abin da ya faru da ƙiyasin kuɗin da aka rasa. Rabon ribar da aka ayyana wa masu hannun jari bayan rufe shekara ma haka yake: ana ambatonsa, amma ba a sa shi cikin basussukan bara.

Inda akantoci suka fi tuntuɓe shi ne duba ranar da labari ya iso maimakon ranar da sanadin ya fara. Da a ce dilan nan yana cikin wadata har Disamba, ambaliya ce ta karya shi a Janairu, da ba a gyara komai ba.

Akwai togaciya guda. Idan abin da ya faru ya kai ga kamfanin ba shi da mafita sai rufewa, ba za a shirya rahoton a matsayin na kamfani mai ci gaba da aiki ba, ko da gobarar bayan Disamba ta tashi.