Me mai leƙen layin intanet ke gani idan ka buɗe shafin HTTPS?

Ana yawan cewa muddin adireshi ya fara da `https://`, mai waifai na otal ko kamfanin waya ba zai san shafin da ka buɗe ba. Maganar tana da gaskiya, amma da iyaka. Mu ɗauki wanda ya nemi bayani kan wata cuta da ba ya so a san yana bincikenta:

```
https://ha.wikipedia.org/w/index.php?search=tarin+fuka
```

Kafin burauza ta furta abin da take nema, sai ta fara ƙulla rufaffiyar hanya da sabar, wadda ake kira TLS. Bayan hanyar ta ƙullu ne take aika sauran adireshin, wato `/w/index.php` da abin da ya biyo bayan alamar tambaya. Don haka mai leƙe ba ya ganin "tarin fuka" ko kaɗan.

Abin da yake gani shi ne `ha.wikipedia.org`. Sunan yakan fita a fili sau biyu: lokacin da waya ke tambayar DNS lambar sabar, da kuma cikin gaisuwar farko ta TLS, a gurbin da ake kira SNI. Kamar wasiƙa ce a ambulan: masinja ya san gidan da za ta, bai san abin da ke ciki ba. Yana kuma ganin lokaci da yawan bayanan da suka wuce. Shi ya sa tun da Wikipedia ta koma HTTPS gaba ɗaya a 2015, toshe maƙala guda ya gagara. A 2017 Turkiyya ta rufe shafin ɗungurungum, sai a 2020 aka buɗe.

Mai shakka ya gwada da kansa. Ya buɗe Wireshark a kwamfutarsa, ya shiga adireshin nan, ya tace da wannan:

```
tls.handshake.extensions_server_name
```

Sunan shafin zai fito, kalmar da ya nema kuwa ba zai same ta ba.

Inda abin ke lalacewa ya fi damuna. Wasu ma'aikatu suna saka nasu satifiket a kwamfutocin ofis, sai na'urarsu ta buɗe saƙon, ta karanta adireshin duka, ta sake rufewa, kuma burauza ba za ta yi gargaɗi ba. Ana ganewa ta duba satifiket ɗin shafin daga alamar da ke gefen adireshi: idan sunan ma'aikata ne a matsayin wanda ya bayar da shi, ana karanta komai.

Sannan sirrin na kan hanya ne kawai. Cikakken adireshin yana zama a tarihin burauza, kuma galibi sabar ma tana rubuta shi a kundinta. Masu gina shafuka, don Allah ku daina saka kalmar sirri ko lambar asusu bayan alamar tambaya.