Takardar Neman Biyan Bashi: Matakin da Ke Gaban Kotu

Bashi yakan fara ne da fara'a. Sai lokacin biya ya wuce, a shiga "gobe" da "jibi", daga nan waya ta daina shiga. A wannan gaɓa mutane da yawa kan nufi ofishin 'yan sanda, wasu kuma su zarce kotu cikin fushi. Akwai matakin da ya kamata ya riga kotun, wato takardar neman biyan bashi: wasiƙa ce da mai bin bashi ko lauyansa ke aika wa wanda ake bi, a faɗa masa nawa ake binsa, a kan wace hujja, da ranar ƙarshe da aka ba shi ya biya.

Sunan wanda ake bi ne a saman takardar, amma ya kamata mai rubutawa ya sa a ransa cewa alƙali ma zai karanta ta. Idan maganar ta kai kotu, tana cikin takardun farko da za a miƙa. Duk abin da aka rubuta a ciki zai iya tsaya wa mai ƙara, zai kuma iya juyowa kansa.

A ɗauka wani dilan shinkafa a Kano ya ba mai shago buhu 40 a ranar 10 ga Fabrairu 2025, kowane buhu naira 60,000. Jimla naira 2,400,000 ke nan, aka yi yarjejeniya za a gama biya ranar 31 ga Maris. Mai shago ya tura 500,000, daga baya ya ƙara 400,000, sai ya yi ɗif. Abin da ya saura naira 1,500,000.

Takarda mai kyau za ta kawo wannan lissafi daki-daki: ranar da aka kai kaya, yawansu, farashi, abin da aka biya da ranakun biyan, sannan ragowar, a lamba da kuma a kalmomi. Wani dilan zai ga kamar dabara ce ya rubuta miliyan biyu da dubu ɗari huɗu gaba ɗaya don ya tsorata mutumin. Wannan kuskure ne babba. Ranar da mai shago ya fito da shaidar turawar banki ta 900,000 a gaban alƙali, sauran maganar dilan ma ta shiga shakku. Haka nan ba a cusa "kuɗin ɓata lokaci" ko wani kaso da ba a taɓa yin maganarsa ba. Kotunan Nijeriya ba sa ba da ƙari a kan bashi na lokacin da ya gabaci hukunci sai in yarjejeniya, ko sananniyar al'adar cinikin, ko wata doka ta tanade shi.

Sai hujja, kuma a nan ne wasiƙu da yawa ke yin rauni. "Ka san ina binka" ba hujja ba ce. A misalinmu hujjar ita ce cinikin da aka ƙulla: an sayar, an kai kaya, an karɓa, wa'adin biya ya wuce. Takardar za ta ambaci abin da ke tabbatar da kowane ɗaya, kamar rasit, takardar karɓar kaya da yaron shago ya sa wa hannu, bayanan asusun banki, da saƙon waya inda mai shago ya rubuta, "Alhaji, a ƙara mini haƙuri zuwa ƙarshen wata." Ana haɗa kwafi, a riƙe na asali. Dole kuma a duba wa ake bi a zahiri. Idan da sunan kamfani mai rajista aka karɓi kayan, kamfanin ne ke da bashin, domin a doka kamfani daban yake da mai shi. Aika takarda da sunan da ba daidai ba yana iya jawo a koma farko.

Ranar ƙarshe kuwa a rubuta ta ƙarara. "Nan ba da daɗewa ba" ba ya ɗaure kowa. Idan an miƙa takardar ranar Litinin 2 ga Yuni 2025 aka ba da kwana 14, sai a rubuta cewa a biya a ranar 16 ga Yuni 2025 ko kafin nan, a sa lambar asusun da za a tura kuɗin, a kuma faɗi abin da zai biyo baya: za a shigar da ƙara ba tare da wata sanarwa ba. Lauyoyi kan ba da kwana 7 ko 14. Ni dai na fi ganin adalci a kwana 14, musamman ga ɗan kasuwar da sai ya juya kaya kafin kuɗi su taru.

A wasu wuraren doka ce ma ta wajabta takardar. Kotunan ƙananan basussuka, waɗanda aka buɗe a Legas a 2018 da Kano a 2019, an fara su ne da iyakar naira miliyan 5, kuma ƙa'idarsu ita ce sai an aika takardar neman biya kafin a karɓi ƙara. A Legas fom ɗin da ake cikewa shi ne SCA 1. Dokar kamfanoni ta 2020 kuma, a sashe na 572, ta ce idan bashi ya haura adadin da aka ƙayyade, aka kai takardar neman biya ofishin kamfani, ya yi mako uku bai biya ba, bai kuma daidaita da mai binsa ba, ana ɗaukar ya gaza biyan basussukansa. Wannan na iya buɗe ƙofar neman kotu ta rushe kamfanin.

Yadda aka kai takardar ma abin kula ne, domin amsar da aka fi ji ita ce, "Ni ban ga wata takarda ba." A buga kwafi biyu. Wanda ya karɓa ya rubuta sunansa da kwanan wata a kan ɗaya, ya sa hannu, a dawo da shi. In ya ƙi karɓa, a aika ta kamfanin kai saƙo a adana rasit, a kuma tura hotonta ta waya.

Abin da ya fi damuna shi ne barazana. Za ka ga an rubuta cewa za a sa a kama mutum, ko a tona masa asiri a kasuwa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kuma kotuna sun sha cin tarar masu amfani da 'yan sanda wajen karɓo bashi. Wanda ya bi wannan hanya zai iya wayar gari shi ne ake ƙara.

Kada kuma a aika takarda a miƙe ƙafa. Dokokin jihohi sun sa wa'adin shigar da ƙarar bashi, shekara shida a Legas, biyar a wasu jihohin, kuma takardar mai bin bashi ba ta tsayar da wannan lissafi. Abin da ke sabunta shi shi ne wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce da sa hannunsa, ko ya biya wani ɓangare. Shi ya sa amsar mai shago ke da daraja ko da ba ta zo da kuɗi ba. Idan ya rubuto cewa ya yarda da miliyan ɗaya da rabi amma zai riƙa biyan 300,000 duk wata, dilan ya samu amsa bashi a hannu, ya kuma samu hanyar sulhu. A rubuta sabon tsarin, wata biyar, kowane biya da ranarsa, su biyun su sa hannu a gaban shaidu, tare da sharaɗin cewa in an tsallake biya ɗaya, ragowar duka ta zama abin nema nan take.