Tan Uku Masu Suna Ɗaya a Takardun Jigilar Kaya

Kalmar tan a takardar kaya tana iya nufin nauyi iri uku. Tan na awon kilo, wanda yawancin duniya ke bi, kilo 1,000 ne cif. Gajeren tan na Amurka fam 2,000 ne na nauyi, wato kusan kilo 907. Dogon tan, tsohon awon Birtaniya, fam 2,240 ne, kusan kilo 1,016.

Matsalar ta fi fitowa a cinikin da ya haɗa da Amurka. A ce ɗan kasuwa ya sayi alkama tan 100 daga can, gajeren tan ake nufi amma takardar ba ta fayyace ba. Idan aka ninka 100 da 907, kilo 90,700 ke nan, wato tan 90.7 na awon kilo. In kamfanin jirgin ruwa yana karɓar dala 50 a kowane tan na awon kilo, kuɗin dakon dala 4,535 ne. Wanda ya rubuta tan 100 kawai zai biya 5,000, ya yi asarar dala 465 a banza.

Ana gane wannan kuskure idan sikelin tashar jirgin ruwa ya nuna giɓin kusan kashi 9 cikin 100. Giɓin dogon tan bai kai kashi 2 ba, shi ya sa yake saurin shigewa ba a lura ba. Hanya mafi aminci ita ce a rubuta nauyin da kilo a kowace takarda.