Kafin a ɗaga tsani ko bututu: jawabin safe ga ma'aikatan gini

Jama'a, kafin kowa ya taɓa kaya, ya ɗaga kai ya dubi wayoyin da suka ratsa gefen ginin nan. Masu ƙarfin volt 11,000 ko 33,000 galibi tsirara suke, babu roba. Ba sai ƙarfe ya taɓa su ba, in ya matso sosai wutar na iya tsallakowa. Don haka a bar tazarar aƙalla mita 3, kuma daga bakin ƙarfen ake aunawa, ba daga jikin mutum ba.

Bututu mai mita 6 in aka miƙar da shi tsaye a kan dakin, ya riga ya kai tsayin waya. Mutum biyu su ɗauke shi a kwance, ƙasa da kafaɗa. Tsani ma haka, har na katako in ya jiƙe.

Idan wuta ta kama wani, kada a ja shi. Busasshiyar sanda ba ta kare mutum daga babbar waya. A ja baya mita 10, a kira kamfanin wuta su kashe layin. Bayan nan a kai shi asibiti ko da ya miƙe da ƙafarsa: ƙunar ciki ta fi ta fata, bugun zuciya na iya rikicewa, fitsari mai launin shayi kuma alama ce ƙoda na cikin haɗari.